Darasi na 7: Gashin gurasa a busasshen kasko

Ba kowane gida ne yake da tanderu ba. Idan kina da kasko mai kauri, za ki iya gasa gurasa a kansa ba tare da ko ɗigon mai ba. Mai kauri ya fi, domin yana riƙe zafi, shi kuwa marar kauri nan da nan yake ƙona tsakiyar gurasa.

A darasin baya mun kwaɓa fulawa da yis da gishiri, ƙullu ya tashi. Yau wuta za mu koya.

Ɗora kaskon babu komai a ciki, ya yi kamar minti 5 a kan wuta matsakaiciya. Idan gawayi ne, bari harshen wuta ya mutu, ki baza garwashin. Sai ki barbaɗa 'yar fulawa a kai, ki zuba ido. Idan ta zauna fara fat, kasko bai yi ba, kuma gurasar da aka sa a irin wannan kasko bushewa take yi, ta yi tauri. Idan ta yi baƙi nan take har da hayaƙi, wuta ta yi yawa, ki rage. Abin da ake so shi ne ta yi ja sannu a hankali. Share fulawar kafin ki fara.

Faɗaɗa ƙullun da hannu, kada kaurinsa ya kai na ɗan yatsa. Shimfiɗa shi, ki rufe, ki ƙyale shi. Yawan taɓawa ne ke yaga gurasa.

Bayan kamar minti 2 sai ki buɗe. Za ki ga saman ya yi ƙulu-ƙulu, tururi ne a ciki yake ɗaga shi. Ƙyallin danshin nan na ɗanyen ƙullu ya tafi, gefe ya bushe har ya ɗan ɗago. Ƙamshi ma ya canja, ya bar na yis ya koma na gashi. To, sa cokali ki ɗaga gefe ɗaya. Idan ta saki kasko da kanta, ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigon ja, juya ta. Idan ta riƙe, kada ki tilasta mata, ƙara mata lokaci kaɗan. Ɗaya gefen ba ya daɗewa kamar na farko.

Ta farko gwaji ce, ki yaga ta ki duba. Wata ɗaliba ta kawo mana tata aji: bayanta baƙi, cikinta yana manne wa yatsa. Wutarta ce ta yi ƙarfi, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Da ta kwashe rabin garwashin, ta biyu ta fito da laushi har ciki.

Duk wadda kika sauke, ki lulluɓe ta da tsabtataccen kyalle, tururinta zai hana ta bushewa.

Aikin gida: gasa gurasa 3, ki rubuta minti nawa kowace ta yi kafin ki juya ta.