Wayar da ta fi miƙewa ita ke shan nauyin allo

Jama'a, in za ku rataya allon shago da waya biyu, ku sa mai kauri da ƙugiya mai ƙarfi a gefen da ya fi miƙewa tsaye.
Kada ku raba nauyin biyu daidai.
Haka na yi a shagona nan Tahoua, ƙugiya ta buɗe baki.

Allon kilo 20 ne.
Waya ɗaya ta bar rufi da digiri 60, ɗayar da 30.
Ta 60 tana ɗauke da wajen kilo 17, ta 30 kuma 10.
Eh, jimla ta wuce 20, ba kuskure ba ne: wani ƙarfin na tafiya a ja-in-ja tsakaninsu.
Jan hagu dole ya yi daidai da jan dama, in ba haka ba allon ya goce.
Wadda ta kwanta galibin janta gefe yake yi, da ƙarfi kaɗan take tare 'yar'uwarta, sai ɗagawa ta faɗa kan mai tsayuwa.

Amma in duka biyun sun kwanta, zancen mai sauƙi ya ƙare.
A digiri 10, kowace na jan kusan kilo 58.
Ku ƙara musu tsawo, allon ya ɗan sauko, jan zai ragu.
Lissafin nan kuma babu iska a ciki. Allon bakin titi, ku ninka waya kafin damina.