Shawara Kan Ba Da Uzurin Rashin Halartar Ɗaurin Aure

Jama'a, idan ɗaurin auren ɗan uwa ko aboki ya wuce mutum, sau da yawa yadda ya ba da uzurin ne ke ɓata zumunci fiye da rashin zuwan.

Wanda ya ce “wani abu ne ya taso” bai faɗi komai ba, domin mai sauraro zai cike giɓin da zato. Amma wanda ya fi shi shiga matsala, a ganina, shi ne mai yawan bayani, wanda zai ce motar ta lalace bayan Kwanar Ɗangora da ƙarfe 9:40, ya ambaci sunan bakanike da kuɗin da aka caje shi, alhali ba wanda ya tambaya. Dalilin shi ne, mai gaskiya yakan ɗauka za a yarda da shi, don haka yana taƙaitawa, mai ƙirƙira kuwa yana amsa tambayoyin da yake tsoro tun kafin a yi su. Sannan kowane ƙarin bayani abu ne da dole ya tuna, kuma a nan saɓani ke shigowa: ya gaya wa ango mota ce, ya gaya wa yayar ango zazzaɓi ne, su kuwa za su haɗu a wajen walima.

Abin da ya fi shi ne a kira a waya kafin ranar idan da hali, a faɗi dalili ɗaya na gaskiya a jimla ɗaya, a nemi afuwa, a sa ranar zuwa yin Allah-sanya-alheri. Idan dalilin sirri ne, kamar rashin kuɗin mota, ya isa a ce, “Wallahi ba ni da halin tafiya a wannan makon,” kuma duk wanda ya tambaya a maimaita masa hakan.