Darasi na 7: Garehul da maganin hawan jini

To jama'a, kafin mu shiga darasi bari mu gane ɗan itacen tukuna, don rannan a ajinmu na Gangare rabin aji sun ɗauka inabi nake nufi. Ba inabi ba ne. Garehul shi ne babban lemun nan da ya fi lemun zaƙi girma, mai tsami da ɗan ɗaci, cikinsa fari ko ja, wanda masu kayan marmari a Taminus da Farin Gada suke ce wa gireb. Lemun zaƙi na kullum ba shi da wannan matsalar, ku sha abinku.

Idan ka haɗiyi ƙwaya ba duka take shiga jini ba. A bangon ƙaramin hanji akwai wani sinadari da Allah ya ajiye kamar mai gadi, sunansa a takardar magani CYP3A4, aikinsa ya lalata wani kaso na wasu magunguna kafin su wuce cikin jini, kuma masu haɗa magani sun san da zamansa, da lissafinsa suka yanka adadin da likita yake rubuta maka.

Mu yi lissafi a hankali, kowa ya ɗau fensir. Akwai maganin hawan jini mai suna felodifin. A cikin kaso 100 da ka sha, kusan 15 ne kawai suke isa jini. Wato idan ƙwayar miligiram 10 ce, wajen miligiram 1 da rabi ne yake aiki a jikinka. Yanzu ka sha garehul kofi ɗaya, ba mai yawa ba, kwatan lita. Sinadaran cikinsa sai su kashe mai gadin nan, abin da yake shiga jini ya ninka kamar sau 3, ya koma wajen miligiram 4 da rabi, kai ƙwaya ɗaya ka haɗiya amma jikinka kamar ya karɓi uku. Jini ya sauka fiye da kima, ga jiri in ka miƙe, ga ciwon kai, fuska ta yi zafi, zuciya tana dukan uku-uku. A kan wannan maganin ma aka fara gano abin, a Kanada a 1989. Idan lissafin bai zauna ba ka sake shi, ba komai, da yawa sai a karo na biyu suke kamawa.

Yanzu ga wurin da kowa yake faɗuwa. Sai mutum ya ce Malam ai da safe zan sha garehul, magani kuma sai dare. A'a. Ba a ciki suke haɗuwa su yi faɗa ba balle ka raba su. Garehul ba sa mai gadin barci yake yi ba, kashe shi yake yi, dole sai hanji ya ƙera sabo, wannan kuwa yana cin kwana 1 zuwa 3. Safe da dare bai isa ba. Na sake faɗa, safe da dare bai isa ba. Wata uwa a aji ta ce to idan jiya na sha fa? Mama, na jiya ma yana nan yana aiki yau. To idan ban matse ba, ɓare shi na yi na ci? Duk ɗaya ne. Haba jama'a, sau uku na yi wannan bayanin makon jiya amma da na tambaya har yanzu wasu suka ce a ba da tazarar awa biyu, dan Allah ku rubuta a littafinku da manyan baƙaƙe: TAZARAR AWANNI BA TA HANAWA. Mai shan irin wannan maganin kullum, garehul ya fita daga abincinsa ke nan.

Ba kowane magani ba ne, sai wanda mai gadin nan yake tarewa. Nifedifin da ake yawan ba masu hawan jini a nan Jos yana ciki, a kwali nifedipine za ku ga an rubuta shi, da harafin p. Simbastatin na rage kitsen jini ma yana ciki, shi kuma alamar ya yi yawa a jini ita ce ciwon tsoka mai tsanani da fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira gobe. Kuma kada wani ya ce zai rage ƙwaya ya cike da garehul don tattalin kuɗi, yawan mai gadin nan ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ba ka san sau nawa naka zai ninka ba. Garehul ɗin za ka bari, maganin ka ci gaba da sha yadda aka rubuta.

Darasi na 8: A kyamis

Ka tafi da kwalin maganinka, ka tambayi mai ba da magani, wannan yana tafiya da garehul? Ka duba jikin jus na kwali ma, wasu da shi ake haɗawa.

Aikin gida: rubuta sunan maganin da ake sha a gidanku, ka kawo ranar Asabar.