Yadda ake zaɓen fentin gida da lissafin ainihin kuɗinsa

Kafin ka tambayi farashin bokiti, fara duba bangon da za a shafa. Ɗakin kwana da falo imalshan ya ishe su, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, mai saurin bushewa, marar wari sosai. Marar sheƙi yana rufa asirin filasta mai tudu da kwari, amma ba ya jure wanki. Inda yara ke goga hannu, ko kicin, sai a sa mai ɗan sheƙi, wanda tsumma mai danshi ke gogewa. Sai dai shi yana tona duk wani aibin bango, don haka a fara gyara fuskar ta yi sumul.

Fentin mai, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir, na ƙofa ne da taga da ƙarfe. Kada a ɗora na ruwa a kan tsohon na mai sai an kankare sheƙin da sanfefa, in ba haka ba zai ɓare. A waje kuwa, a nemi wanda aka rubuta na waje ne, domin na ciki ba ya jure rana da ruwan damina. Sabuwar filasta a bar ta kamar mako huɗu ta bushe.

Sai awo. Ɗaki mai mita 3.6 kowane gefe, tsayin bango mita 3, ya kai murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga, saura kusan 40.

Yanzu karanta jikin bokitin, ka ga murabba'in mita nawa lita ɗaya ke shafewa, ka tambayi mai fenti sau nawa za a shafa kafin bango ya rufu. A ce bokiti biyu ne masu lita 20. Na farko naira 30,000, litarsa na shafe murabba'in mita 5, kuma sai an bi sau uku: 100 ke nan a raba uku, ya gama 33 kacal, kowane murabba'in mita ya tashi kusan naira 900. Na biyu naira 70,000, litarsa na shafe 10, sau biyu ya isa: 200 a raba biyu, ya gama 100, kowane ɗaya naira 700. Ka ga na arahar ko ɗakin nan ɗaya bai ƙarasa ba, na tsadar kuwa ya yi ɗaki biyu da rabi, ban da kuɗin aikin shafi na uku da na arahar ke ci.

Alƙaluman jikin bokiti na bango mai santsi ne. Filasta mai kaushi ta fi haka sha. Shi ya sa nake ba da shawarar a sayi galan ɗaya mai lita 4 tukuna, a shafa a gefen bangon, a auna iyakar inda ya kai. In ya bushe, goga tafin hannunka. Idan farin gari ya biyo hannun, alli ya yi yawa a ciki, kada ka sayi bokitin.