Yadda Za Ka Sa Bidiyon Yayi Ya Yi Wa Bidiyo Mai Daɗewa Talla

A nan Daura, ni dai kashi biyu nake raba bidiyoyina na YouTube: tumatir da hatsi. Tumatir shi ne na yayi, kamar hawan Sallar Gani, ana rububinsa kwana uku sai kasuwa ta watse. Hatsi kuwa, irin tarihin rijiyar Kusugu, yana rumbu ana ɗiba kaɗan-kaɗan.

Da farko ka gane wanne ne wanne, kuma ba da ka za ka yi ba. Shiga YouTube Studio, ka zaɓi bidiyon da ya kai wata uku, ka buɗe Analytics, wato shafin ƙididdigar kallo. In layin kallo ya miƙe sama a kwanakin farko sannan ya kwanta, tumatir ne. In yana hawa a hankali, kuma yawancin masu kallo ta YouTube search suke zuwa, hatsi ne, domin mutane ne ke nemansa da hannunsu. Kada ka raina shi. A ce na yayi ya kawo kallo 20,000 ya tsaya, wancan kuma 60 kullum. A shekara ya tara 21,900 bai gaji ba. In kana neman cika sa'o'in kallo 4,000 na shiga tsarin biyan kuɗi na YouTube, ka tuna na wata 12 da suka wuce kawai ake ƙirgawa, don haka sa'o'in hawan bara zubewa suke yi.

Na biyu, hatsi ake fara ɗorawa. Saura mako biyu ko uku Gani, ka saki bidiyon Kusugu. A ciki kada ka ce "bana" ko "jiya", kada ka ambaci farashin komai, kada ka sa shekara a take. Waɗannan ne ke tsufar da bidiyo.

Na uku, ranar hawa ka yi sauri. Na taɓa zama kwana biyar ina gyaran sauti da ƙawata hoto, kafin in ɗora kowa ya riga ya kalli dawakan a wajen wasu. Yanzu a daren nake ɗorawa, ko da iska na kaɗa makirfo. Sai dai kafin bidiyon ya ƙare ka faɗa da bakinka cewa mai son jin labarin rijiyar ya taɓa nan, ka sa na Kusugu a End screen, wato wurin nuna wani bidiyo da ke fitowa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe.

Ni hatsi uku nake yi kafin tumatir ɗaya, kuma ba kowane yayi nake bi ba. In rigimar 'yan fim ce, masu kallon za su zo, amma ba mai neman Kusugu a cikinsu. Bayan mako guda ka koma Analytics na bidiyon Kusugu: in kallonsa na kullum ya zauna sama da inda yake kafin hawa, haɗin ya ci.