Kurakuran da ake yi wajen kai ƙorafin manhajar da ta ƙi girkuwa, da yadda za a gyara su

Ma'aikacin sashen taimakon fasaha ba ya ganin allon kwamfutarka. Abin da ka rubuta masa shi kaɗai ne a gabansa, kuma kowace tambaya da ya dawo maka da ita tana iya cin yini guda kafin amsa ta je ta dawo. Yawancin saƙonnin da ke daɗewa ba a warware su ba, matsalarsu ba wuya ce da ita ba. Bayanin ne ya zo guntu-guntu. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: mutum yana da manhajar lissafin kuɗi siga ta 5.1 a kwamfuta mai Windows 11, ya sauke siga ta 5.2, yana cikin girka ta sai ta tsaya, ta koma baya, ta nuna lamba 1603. Ga saƙon da ya fara turawa: "Manhajarku ta ƙi shiga kwamfutata, tana nuna kuskure. Na gwada komai. Don Allah a taimaka da gaggawa."

Kuskure na farko, kuma mafi tsada, shi ne faɗin saƙon kuskuren da kalmomin kanka. "Tana cewa wai an samu matsala" ba ya kai ma'aikaci ko'ina, domin shi da ainihin rubutun da lambar yake bincike a kundin kamfaninsu. Lambobin kuma suna kama da juna amma kowace da inda ta dosa. A tsarin girke manhaja na Windows, 1618 na nufin akwai wani girki da ke gudana a lokacin, sai a jira ya gama. 1638 na nufin akwai wata sigar manhajar a kwamfutar. Ita kuwa 1603 cewa kawai take yi girkin ya faɗi, ba ta faɗin dalili. In ka rubuta 1630 a maimakon 1603, ka aika mutum wata hanya daban. Gyaran mai sauƙi ne: yawancin ƙananan akwatunan saƙo na Windows, in ka danna kansu ka latsa `Ctrl+C`, suna kwafe rubutunsu gaba ɗaya, sai ka manna a imel. In bai yi ba, ɗauki hoton allo da `Win+Shift+S`, sannan ka sake rubuta lambar a jikin saƙon, don ba a iya neman rubutun da ke cikin hoto kamar yadda ake neman na imel. Hoton da aka ɗauka da waya a karkace, haske na dukan allo, a bar shi sai in kwamfutar ta daskare gaba ɗaya. Kada kuma ka fassara saƙon kuskuren. Ko da wane harshe kake rubuta wa kamfanin, shi a bar shi yadda ya fito.

Sai maganar kwamfutar kanta. Mutane kan rubuta "Windows ce ta zamani" ko su ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta su yi shiru. Abin da ake buƙata bai wuce layi huɗu ba. Latsa `Win+R`, rubuta `winver`, za ka ga siga da lambar gini, kamar `Version 23H2 (OS Build 22631…)`; a kwafe lambar har ƙarshenta. Sannan `msinfo32` zai nuna maka `System Type` da yawan ma'adanar aiki, wato RAM. Wannan layin na `System Type` ana raina shi, alhali shi ke nuna ko injin `x64` ne ko `ARM64`, kuma manhajar da ke girka direba, wato ƙaramin shirin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta, ba za ta zauna a kan `ARM64` da direban `x64` ba. Ƙara da sararin da ya rage a `C:`, ko da a `D:` kake girkawa, domin shirin girkin yakan baje fayilolinsa na wucin gadi a `C:` tukuna. A ƙarshe ka faɗi ko kwamfutar taka ce ko ta wurin aiki. Ta wurin aiki sau da yawa tana da dokokin da sashen kwamfuta ya ɗora mata, waɗanda ma'aikacin kamfanin manhajar ba shi da ikon cire su, kuma gara ya san haka tun farko.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su haɗa hotuna goma sha da jerin duk manhajojin da ke kwamfutar. Wannan ma ɓata lokaci ne, sai dai ya fi rashin bayani sauƙi.

Yanzu ga "na gwada komai". Wannan jimla ita ce ke jawo amsar da kowa ya tsana, wato a ce ka kashe ka kunna. Ma'aikacin bai san mene ne "komai" a wurinka ba, dole ya faro daga tushe. Kowane gwaji a rubuta shi da sakamakonsa, bi da bi yadda aka yi su, domin sakamakon ne ke rage masa zato. In ka ce ka dakatar da manhajar kariya daga bairos kuma lamba ɗaya ta sake fitowa a wuri ɗaya, ya rage zargin wannan. In ka ce bayan ka girka da ikon mai gudanarwa lambar ta canza, to wannan canjin shi ne labari mafi daraja a saƙon, ko da girkin bai yi ba.

Akwai abu biyu a nan da ake faɗa ba daidai ba ba tare da an sani ba. Na ɗaya, "na kashe na kunna". A Windows 10 da 11, in `Fast Startup` na kunne, `Shut down` ba ya tsabtace komai, yana adana wani sashe na tsarin ne ya dawo da shi in an kunna. `Restart` ne ke tayar da tsarin sabo. Don haka ka faɗi wanne ka danna. Na biyu, "ni ne mai gudanarwa". Kasancewar asusunka na mai gudanarwa daban yake da buɗe fayil ta `Run as administrator`, kuma ma'aikacin yana son jin ko ka yi na biyun.

Kada kuma a ɓoye gwajin da ake jin kunyarsa. In ka goge foldar tsohuwar sigar da hannu maimakon cire ta ta hanyar `Settings`, ko ka taɓa `Registry`, kundin saitunan Windows, bisa shawarar wani, faɗi. Goge folda da hannu na barin Windows tana ɗauka manhajar na nan, sabon girkin kuma ya je cire tsohuwar ya tarar da rabinta babu. Wanda ya ɓoye wannan ya sa ana neman cuta a inda ba ta.

Daga nan sai kuskuren haɗa abin da ka gani da abin da kake zato. "Sabuntawar Windows ce ta lalata manhajarku" hukunci ne. "An yi sabuntawar Windows kwana biyu kafin in gwada girkin" bayani ne. Zatonka na iya zama gaskiya, kuma ba laifi ka faɗe shi, amma a layinsa daban, da alamar cewa zato ne. In ka buɗe saƙo da shi, ma'aikaci mai gaggawa zai bi ka, ku ɓata tare.

Tunda 1603 ba ta faɗin dalili, dalilin yana cikin fayil ɗin rahoton girki, kuma rashin haɗa shi ne ke sa saƙo ya yi ta kai-kawo. Shirye-shiryen girki na `.exe` da yawa suna ajiye rahotonsu a foldar `%TEMP%`. Buɗe ta ta `Win+R`, jera fayilolin bisa lokaci, ka nemi wanda ya dace da lokacin da girkin ya faɗi. In fayil ɗin `.msi` ne a hannunka, buɗe `Command Prompt` da ikon mai gudanarwa, shiga foldar da yake, ka sa shi ya rubuta cikakken rahoto:

```
msiexec /i setup.msi /L*v girki.log
```

Buɗe rahoton da `Notepad`, nemi `Return value 3` na farko. Nan ne matakin da ya faɗi, dalilin kuma yawanci yana 'yan layukan da ke samansa. A misalinmu mutumin ya tarar da layi mai farawa da `Error 1920`, wanda ke nufin wata hidimar manhajar mai aiki a bayan fage ta ƙi tashi. Ba lallai ne ka gane rahoton ba. Ka tura shi dukansa a matsayin fayil, kada ka yanko layi biyu ka jefar da sauran. Amma ka leƙa ciki tukuna: yakan ɗauki sunan asusunka da na kwamfutar, wani lokaci har da lambar lasisi. Kalmar sirri kuwa ba a tura ta ko kusa.

Ga saƙon bayan an gyara shi. Takensa: "Girka siga 5.2 ya tsaya da lamba 1603 a Windows 11 23H2".

"Barka da aiki. Ina ƙoƙarin ɗora siga 5.2 a kan 5.1, wadda take aiki lafiya kafin yau. Daga shafinku na sauke fayil ɗin da safiyar nan. Girkin yana tafiya har kusan ƙarshe, sai ya koma baya ya nuna `Error 1603: Fatal error during installation`. Haka yake yi kowane karo, a wuri ɗaya.

Kwamfutar tawa ce, ba ta ofis ba: Windows 11 Pro, 23H2, gini 22631…, `x64-based PC`, ma'adanar aiki 16 GB, saura 80 GB a `C:`. Kariyar da ke kanta ita ce Microsoft Defender.

Abin da na gwada, bi da bi: na yi `Restart` na sake girkawa, 1603. Na buɗe fayil ɗin ta `Run as administrator`, 1603. Na sake sauke fayil ɗin, girmansa daidai da na farko, 1603. Ban cire 5.1 ba, domin ban san ko bayanan lissafina za su bi ta ba. Ban taɓa `Registry` ba.

Na haɗa hoton allo da rahoton girki. A rahoton akwai `Error 1920` sama da `Return value 3` na farko. Zatona tsohuwar hidimar 5.1 ce ta tare hanya.

Tun bayan gwajin farko 5.1 ma ba ta buɗewa, kuma ina da rahoton ƙarshen wata da zan miƙa ranar Juma'a. Tambayata: in cire 5.1 kafin in girka 5.2? In haka ne, wace folda zan adana tukuna?"

Sakin layi na ƙarshe ya maye gurbin "da gaggawa". Kowa yana rubuta gaggawa, har ta daina nufin komai a wurin masu karanta saƙonnin. Abin da ke sa a ɗaga ƙorafi sama shi ne a ga aiki ya tsaya cak, da ranar da ake buƙatarsa. Tambayar kuma guda ce mai amsuwa, ba "me zan yi" ba.

In amsa ta zo da lambar ƙorafi, ci gaba da amsawa a cikin wannan imel ɗin, kada ka buɗe sabo don kana ganin an yi jinkiri, domin sabon zai iya faɗawa hannun wani ya faro tambayoyin daga farko. In sun ba ka matakai uku, yi su ɗaya bayan ɗaya, kana gwada girkin bayan kowanne, ka faɗa musu sakamakon kowane mataki tare da sabon rahoton girki.