Darasi na Shida: Wane Bashi Za a Fara Kashewa?

Mutumin da ake binsa bashi a wuri uku, kuma yake da ɗan rarar kuɗi bayan ya biya kowa abin da aka yanka masa a wata, yana da tambaya guda a gabansa: wa zai ba rarar nan? Akwai hanyoyi biyu sanannu. Ta farko ita ce ya tara ƙarfinsa a kan bashin da ya fi ƙanƙanta, in ya kashe shi ya koma kan na gaba da shi. Turawa suna kwatanta ta da dunƙulen ƙanƙara da ke ƙara girma yana gangarowa, kuma wani mai shirin rediyo a Amurka, Dave Ramsey, ya yaɗa ta sosai. Ta biyu ita ce ya fara da bashin da kuɗin ruwansa ya fi tsada, komai girmansa, wadda suke kwatantawa da zaftarewar ƙanƙara daga kan dutse. A nan za mu kira su hanyar ƙaramin bashi da hanyar bashi mai tsada.

Ƙa'ida ɗaya ta haɗa su. Kowane wata ana biyan kowane mai bin bashi mafi ƙarancin abin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma jimillar kuɗin da ake fitarwa ba ta raguwa ko da wani bashin ya mutu, domin kason da ake ba shi a da yana komawa kan bashi na gaba.

Bari mu ƙaddara wani tela da ake binsa naira 170,000. Ƙungiyar haɗin gwiwar kasuwarsu tana binsa 20,000, da ruwan kashi 1 cikin ɗari a wata, yana biyan aƙalla 2,000. Bashin keken ɗinki ya rage 50,000, da ruwan kashi 2, yana biyan aƙalla 5,000. Bankin ƙananan rance kuma yana binsa 100,000, da ruwan kashi 5, yana biyan aƙalla 8,000. A dukkan ukun ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya rage a ƙarshen wata. Abin da ya zama dole ya biya ya kama 15,000, amma yana iya ware 30,000, saboda haka rararsa 15,000 ce.

Idan ya bi hanyar ƙaramin bashi, a watan farko zai ba ƙungiya 17,000, bashinta ya sauko zuwa 3,200, a wata na biyu kuma ya rabu da ita. Daga nan sai ya juya kan keken ɗinki, wanda shi ma zai mutu a wata na huɗu. Cikin wata huɗu kacal ya sallami mutum biyu daga cikin uku, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ya saba sauya hanya in ya hango mai binsa. Amma mu duba abin da ke faruwa da bashin banki a wannan tsakanin. A watan farko ya biya 8,000, sai dai 5,000 daga ciki ruwa ya cinye, uwar kuɗin ta ragu da 3,000 kawai. Bayan wata uku, ya zuba wa bankin 24,000, amma har yanzu ana binsa kimanin 90,500. Zai gama komai a wata na bakwai, bayan ya biya jimillar kimanin 198,700, wato ruwa ya ci masa 28,700.

Idan kuwa ya bi hanyar bashi mai tsada, banki zai riƙa karɓar 23,000 kowane wata, sauran biyun suna karɓar kasonsu na dole. Bashin bankin zai sauko zuwa 82,000, sannan 63,100, sannan 43,255, a ƙarshen wata na huɗu kuma kimanin 22,400. Sai a wata na shida zai kashe shi gaba ɗaya, sauran biyun kuma su biyo baya a wata na bakwai. Jimillar abin da zai biya kimanin 191,400 ne, ruwan da ke ciki 21,400.

Hanyoyin biyu duk sun ƙare a wata na bakwai, amma ta biyu ta bar masa kusan naira 7,300 a aljihu. Dalilin a fili yake: kowace naira 1,000 ta bashin banki da ta kwana wata ɗaya ba a biya ba tana haifar da ruwan naira 50, alhali ta bashin ƙungiya naira 10 kawai take haifarwa. Wata na biyar ya nuna bambancin sarai, domin a hanya ta farko ruwan wannan wata kaɗai ya kai kusan 3,600, a ta biyu kuma kimanin 1,900.

To, me ya sa mutane masu hankali suke zaɓar hanya ta farko duk da haka? Saboda a hanya ta biyu telan nan zai yi wata biyar cur yana fitar da 30,000 ba tare da ya soke suna ko ɗaya daga littafinsa ba, kuma a irin wannan doguwar jira ne gwiwa take yin sanyi, har mutum ya fara taɓa rarar don wata hidima. Wanda ya san halinsa haka yake, gara ya biya 7,300 ɗin nan a matsayin kuɗin ƙarfin gwiwa da ya ɗauko hanyar da zai yar a tsakiya. A ganina dai, in tazarar ruwan ta yi faɗi kamar ta wannan misali, kashi 1 da kashi 5, ya kamata a daure a fara da mai tsada. In kuwa ruwan ya yi kusa da juna, ribar kaɗan ce, sai a fara da ƙarami.

Kafin a jera basussuka, dole a mayar da ruwansu kan ma'auni ɗaya. Mutane da yawa suna ruɗewa in an ce musu wannan kashi 24 ne, wancan kashi 5, su ɗauka na farkon ya fi tsada, alhali 24 ɗin na shekara ne, wato kashi 2 a wata, 5 ɗin kuma na wata ne, wanda ya kai kashi 60 a shekara.

Akwai kuma inda lissafin nan ba ya aiki. Wasu masu ba da rance suna yanke ruwan duka tun ranar farko a kan uwar kuɗin, su raba shi kan watanni, ta yadda biya da wuri ba ya rage ko sisi. Haka cinikin murabaha yake a bankunan Musulunci, inda aka tsayar da farashin kaya tun farko, sai dai in bankin ya yi rangwame da kansa. Saboda haka a je a tambaya kai tsaye: “In na ƙara kuɗi a wannan wata, ruwan wata mai zuwa zai ragu?” In amsar a'a ce, wannan bashi ya tsaya kan kasonsa na dole. Bashin da aka yi jingina da keke ko gona kuma, in an riga an makara a kansa, shi ne kan gaba, domin telan da aka ƙwace wa keke ba shi da abin biyan kowa. Rancen ɗan'uwa da babu ruwa a kansa lissafi zai jefa shi ƙarshen layi, amma a fara zuwa a nemi yardarsa, a faɗa masa watan da za a biya shi.

Aikin gida: rubuta kowane bashin da ke kanka a layi ɗaya, da abin da ya rage, da ruwansa na wata, da kason dole. Ninka abin da ya rage da ruwan, ka raba da ɗari, domin ka ga naira nawa kowanne yake ci a wata. Ka zo da takardar aji na gaba, mu lissafa hanyoyin biyu tare a kan allo.